Layin da ke Tona Asirin Asid: Yadda Ake Karanta Zanen Taitireshan

Duk ɗalibin da ya yi aikin gwaji na kimiyyar sinadarai a sakandare ya san taitireshan: a riƙa ɗiga wani ruwa a cikin wani, ido na kan kwalba, har launi ya sauya. A jami'a da ɗakunan gwajin abinci da magunguna kuwa, ana tsoma na'urar auna pH a cikin ruwan, a rubuta abin da ta nuna bayan kowane ƙari, sannan a zana sakamakon a takardar giraf. Lanƙwasasshen layin da ke fitowa yana amsa tambayoyi biyu a lokaci guda: nawa ne yawan asid ɗin, kuma yaya ƙarfinsa yake.

Asid ɗin da aka fi koyar da wannan aiki da shi shi ne asetik, wanda ke ba ruwan khal tsaminsa. Ana kiransa mai rauni ne saboda idan ya shiga ruwa, kaɗan daga ƙwayoyinsa ne ke rabuwa su saki H⁺, sauran su zauna yadda suke. A ruwan da ke da ƙarfin 0.1 M, abin da ke rabuwa bai fi kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari ba. Lambar da ke bayyana wannan hali ita ce Ka, kuma da yake lamba ce ƙarama ƙwarai, akan mayar da ita pKa don sauƙin rubutu. Ƙanƙantar pKa na nufin ƙarfin asid.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ana auna mililita 25 na asid asetik mai ƙarfin 0.100 M a zuba a kofin gilashi. A cikin buret, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni da famfo a ƙasa, ana zuba ruwan NaOH, sodar nan da masu haɗa sabulu suka sani, shi ma mai ƙarfin 0.100 M. Kafin a ɗiga komai, na'ura za ta nuna pH kusan 2.9.

Da an fara ƙari, pH ya ɗan yi sauri, sannan ya lafa. A mililita 5 yana wajen 4.2, a mililita 20 bai wuce 5.4 ba. Wato an zuba mililita 15 na soda, amma layin da ƙyar ya ɗaga. Dalili kuwa shi ne a wannan tsakani akwai asid da ya rage, akwai kuma gishirinsa, asitet, da ke ƙaruwa, kuma haɗuwar biyun tana shanye duk abin da aka ƙara ba tare da pH ya motsa sosai ba.

Sai kwatsam labari ya canza. A mililita 24.9 pH yana wajen 7.2, a mililita 25.1 ya kai 10.3. Ɗigo huɗu kacal, layin ya miƙe tsaye kamar bango. Tsakiyar wannan tsalle ita ce gaɓar daidaito, inda sodar da aka zuba ta yi daidai da asid ɗin da ke kofin tun farko, babu saura a kowane ɓangare. A misalin nan tana mililita 25.0, kuma daga ita ake lissafa yawan asid: 0.100 sau 25.0, a raba da 25.0, ya ba da 0.100 M. Da wannan hanyar ake tabbatar da ko khal ɗin da aka rubuta wa kashi 5 cikin ɗari ya cika, bayan an sirka shi da ruwa gwargwadon da aka auna.

A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe a rahotonsu, su rubuta cewa pH na gaɓar daidaito 7 ne. Hakan gaskiya ne idan asid mai ƙarfi ya haɗu da soda. Amma a nan abin da ya rage a kofi asitet ne, shi kuwa yana karɓar H⁺ daga ruwa ya bar OH⁻, don haka pH ke tsayawa a wajen 8.7. Wannan ne kuma ke nuna sinadarin launin da ya dace. Finolftalin yana komawa ruwan hoda daga wajen 8.2, a cikin tsallen ke nan. Metil oranj kuwa yana gama sauya launi a wajen 4.4, tun ba a kai mililita 8 ba, wanda ya dogara da shi zai tashi da amsar da ba ta kai sulusin ta gaskiya ba.

To ina Ka yake ɓoye? Yana can baya, a tsakiyar shimfiɗaɗɗen wurin nan. A raba mililita 25.0 gida biyu, a samu 12.5. A daidai wannan wuri an cinye rabin asid, rabi ya rage, wato asid da gishirinsa sun yi kunnen doki. Ƙa'idar da ke ɗauke da sunayen Lawrence Henderson da Karl Hasselbalch ta ce:

pH = pKa + log([A⁻]/[HA])

Idan biyun sun zo ɗaya, rabonsu 1 ne, log na 1 kuwa sifili ne, sai pH ya zama daidai da pKa. Mai rahoto zai ja layi daga 12.5 sama har ya taɓa lanƙwasar, ya karkata hagu ya karanta 4.76. Daga nan Ka = 10^(−4.76), wato kimanin 1.7 × 10⁻⁵, wanda ya yi daidai da abin da aka sani na asid asetik a zafin digiri 25.

Kyakkyawan rahoto yana nuna yadda aka gano gaɓar daidaito, ba da ƙiyasin ido kawai ba. Ana raba canjin pH da canjin mililita tsakanin kowane awo biyu, inda amsar ta fi girma nan ne gaɓar. Shi ya sa ake ƙara mililita ɗaɗɗaya a farko, amma da an kusa tsallen sai a koma 0.1, in ba haka ba a tsallake wurin gaba ɗaya.

Kurakurai ma suna barin sawu. Sodar da ta daɗe a buɗe tana shan iskar CO₂ ta yi rauni, sai a ga an ci mililita fiye da kima, yawan asid ya fito sama da gaskiya. Maganinsa a fara gwada ƙarfin sodar da gishirin KHP. Abin lura shi ne ko an yi kuskure a ƙarfin soda, pKa ba ya tafiya da nisa, tunda rabin abin da aka gani a buret ake ɗauka. Abin da ke ɓata pKa shi ne na'urar da ba a saita ba da ruwan pH 4 da 7. Kuskuren 0.1 a pH yana karkatar da Ka da kusan kashi 25 cikin ɗari, na 0.3 kuwa yana ninka shi ko ya raba shi biyu.

Hanyar tana da iyaka. Asid mai tsananin rauni irin borik, mai pKa kusan 9.2, tsallensa yakan kusan ɓacewa. Asid sitirik na lemun tsami kuma yana sakin H⁺ uku ne, kuma matakansa sun yi kusa da juna har suna narkewa su zama gangare ɗaya. Don haka mai rubuta rahoto ya sa jadawalin awo, da zanen da aka yi wa alama a gaɓar daidaito da rabinta, da zafin ɗakin, sannan ya kwatanta pKa da ya samu da 4.76, ya faɗi abin da ya jawo bambancin in akwai.