Haƙoran Keke: Lissafin da Ke Tsakanin Feda da Taya

A shekarun 1870, kekunan da ake yayi a Ingila ba su da sarƙa. Fedar a manne take da tayar gaba, saboda haka duk juyi ɗaya na ƙafa juyi ɗaya ne na taya. Mai son gudu ba shi da wata dabara sai ya ƙara girman tayar, har ta kan kai mita ɗaya da rabi a tsaye, mahayi kuwa yana can bisa, in ya yi tuntuɓe da dutse ya faɗo ta ka. A 1885 ne John Kemp Starley na birnin Coventry ya fito da keken da ya raɗa wa suna Rover, wanda sarƙa ke juya tayarsa ta baya. Daga nan sauri ya daina dogara ga girman taya kaɗai, ya koma kan faranti biyu masu haƙora: babba a jikin feda, ƙarami a tayar baya, wanda masu gyaran keke ke kira firiwil.

Sirrin yana cikin ƙidayar haƙoran nan. Kowace gaɓa ta sarƙa tana zama kan haƙori ɗaya, kuma sarƙa ba ta zamewa. Idan farantin gaba yana da haƙora 44, juyin feda ɗaya zai ja gaɓa 44. Idan firiwil ɗin yana da haƙora 22, dole ya juya sau biyu kafin gaɓoɓin nan su wuce. Idan kuwa 18 gare shi, zai juya kusan sau biyu da rabi. Ana raba haƙoran gaba da na baya, abin da aka samu shi ne yawan juyin taya a kowane juyin feda.

A ɗauki baƙin keken nan mai kariya, irin Rale da Finis, wanda ake ɗaura wa buhu ko jarkoki a kai kasuwa. Tayarsa mai inci 28 tana cin kusan mita 2.2 a juyi ɗaya. Da haƙora 44 a gaba da 18 a baya, juyin feda ɗaya zai kai mahayi mita 5.4. In yana juya feda sau 60 a minti, tayar tana juyawa kusan sau 147, wato gudun kilomita 19 da ɗoriya a awa. In aka cire firiwil ɗin aka sa mai haƙora 22, tayar za ta riƙa juyawa sau 120 a minti, gudu ya sauko zuwa kusan kilomita 16.

To me mahayi ya samu a madadin saurin da ya rasa? Ƙarfi ya samu, kuma ana iya bin sawun ƙarfin nan tun daga tafin ƙafa har zuwa inda taya ta taɓa ƙasa.

Abin da ke juya faranti shi ne ƙarfin murɗawa, wato nauyin da aka danna a ninka shi da tsawon hannun da aka danna. Shi ya sa bakanike ke zura wa sifana bututu idan noti ya ƙi kwancewa. Hannun feda yakan kai santimita 17. Idan mahayi ya danna da nauyin kilo 40 a lokacin da hannun yake kwance, ƙarfin murɗawar ya zama 40 sau 17, wato 680. Daga tsakiyar farantin gaba zuwa haƙoransa kuwa kusan santimita 9 ne kawai, don haka sarƙa tana jan abin da ya kai kilo 76, kusan ninki biyu na abin da ƙafa ta danna.

A baya sai lissafin ya juya. Sarƙar tana jan firiwil mai haƙora 18 a nisan santimita 3.6 daga tsakiya, ƙarfin murɗawar ya ragu zuwa kusan 278. Ita kuma taya tana taɓa ƙasa a nisan santimita 35 daga tsakiyarta. Da aka raba, abin da ke tura keken gaba bai wuce kilo 8 ba. Da firiwil mai haƙora 22, sarƙa ta sami hannu mai ɗan tsawo, ƙarfin murɗawa ya zama 340, rabin na feda daidai, turawa kuma ta kusa kilo 10. Ke nan gwargwadon yadda taya ta fi feda saurin juyawa, haka ƙarfin murɗawarta yake raguwa. Giya ba ta ƙara wa mahayi kuzari, sauya masa shi take yi tsakanin sauri da ƙarfi.

Bambancin kilo 8 da 10 ba ya ɗaukar ido sai an zo hawa. A ce mahayi da keke da kaya sun tashi kilo 150, hanya kuma tana tashi mita 3 a kowace mita 100. Hawan kaɗai yana jan keken baya da kilo 4.5, gogayyar taya da kwalta ta ƙara kusan kilo ɗaya. Ƙafa kuma ba ta ba da cikakken ƙarfi duk zagayen feda, domin idan feda ɗaya tana sama ɗaya tana ƙasa, dannawa ba ta juya komai. In aka haɗa zagayen gaba ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku ake samu. Mai haƙora 18 zai tashi da kilo 5, ya gaza abin da ake bukata, sai ya miƙe tsaye kan feda ko ya sauka ya tura. Mai haƙora 22 zai sami fiye da kilo 6, ya haye a zaune, sannu a hankali.

Keke mai giya yana ɗauke da wannan zaɓin a jikinsa. Kamfanin Sturmey-Archer ya fara yin giya a cikin cibiyar tayar baya a 1902, gasar Tour de France kuwa sai a 1937 ta yarda wa manyan mahayanta su yi amfani da abin da ke ɗauke sarƙa daga faranti zuwa faranti. Kafin nan, sauka suke yi a gindin tsauni su kwance tayar baya su juya ta, domin kowane gefe da nasa yawan haƙoran.

Jikin mahayi yana faɗa masa in giyar ba ta dace ba. Idan keke yana tangaɗi hagu da dama a duk dannawa, tashi daga tsaye yana wuya, gwiwa tana ciwo bayan tafiya, giyar ta yi nauyi. Idan kuma ƙafa tana wulwulawa, mutum yana tsalle kan sirdi amma keken ba ya cin hanya, ta yi sauƙi da yawa.

Mai son sauya firiwil daga 18 zuwa 22 zai bukaci ƙarin gaɓa biyu a sarƙa, tunda rabin faranti take naɗewa. Ya kuma auna tsohuwar sarƙar tukuna: a sabuwa, gaɓa 24 inci 12 ne cif. In ta zarce haka da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta ci, kuma ba za ta zauna daidai kan sabbin haƙora ba. Za ta cinye su da wuri, ta riƙa tsallake su daidai lokacin da aka danna da ƙarfi a kan hawa, don haka masu gyara sukan sauya sarƙa da firiwil a tare.