Saƙon Farko Zuwa Ga Wanda Ake Neman Ciniki Da Shi

Saƙon neman ciniki shi ne 'yan layukan da mai sana'a ke tura wa mutumin da bai san shi ba, yana fatan ya zama mai saye ko mai ba shi aiki. A yau galibi ta WhatsApp ake tura shi, wani lokaci ta tes ko imel. Wahalarsa ita ce wanda aka tura wa bai nema ba, ba ya jiran sa, kuma da ya ga baƙuwar lamba abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne 'yan damfara ko masu roƙo. Saboda haka saƙon da ya yi kyau shi ne wanda ya nemi abu kaɗan, ya nuna an san wanda ake magana da shi, ya kuma bar masa hanyar cewa a'a ba tare da ya ji nauyi ba.

Misalin tela mai ɗinkin yunifom a Kano ya isa ya nuna yadda abin yake. Yana son wata makarantar kuɗi da ke kusa da shagonsa ta riƙa ba shi aiki. Kafin ya taɓa waya, sai ya fara binciken wa ke yanke shawara a kan yunifom, domin a ƙananan makarantu mai makarantar ce da kanta, ba hedimasta ko akawu ba. Sannan ya duba kayan da yaran ke sawa idan an tashi. Lokaci ma yana da nasa hukunci: makarantun Najeriya suna buɗe sabuwar shekara a Satumba, don haka saƙon da ya isa a Yuli ya tarar da maganar yunifom a buɗe, wanda kuwa ya isa a Oktoba ya tarar an riga an gama. Ga irin abin da zai rubuta:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Sunana wane, tela ne a Gwammaja, ina ɗinkin yunifom na makarantu. Na samu lambarku a allon ƙofar makarantarku. Na lura bajon rigunan 'yan firamare bugawa aka yi, irin wanda kan koɗe bayan wanki. Ni da zare nake yin sa, ba ya fita. In kuna so, zan ɗinka riga ɗaya da bajonku in aiko a duba, ba sai an biya ba. In kuma kuna da mai yi muku, ba komai, Allah ya ƙara albarka."

Saƙon bai kai kalma ɗari ba, ana karanta shi ba sai an ja allon waya ba. Gaisuwa da buƙata sun zo a saƙo guda, kuma wannan ya saɓa wa abin da mutane da yawa suka saba. Bahaushe ba ya fara magana ba gaisuwa, shi ya sa wasu ke tura "Salam" kaɗai su zauna jiran amsa, sai an amsa su ce "ya gida", sai an sake amsawa su ce "ya aiki". Tsakanin waɗanda suka san juna wannan ladabi ne. Daga baƙuwar lamba kuwa aiki ne aka ɗora wa mutum, domin sai ya amsa sau uku kafin ya san abin da ke tafe da mai saƙon, kuma yawanci ba ya amsa ko ta farkon. Sallama, laƙabin da ya dace da kuma "ku" na girmamawa sun wadatar. Faɗin inda aka samo lambar yana kashe zargi tun kafin ya taso.

Jimlar bajo ita ce ƙashin bayan saƙon. Ita ke nuna cewa wannan Hajiyar aka rubuta wa, ba mutum hamsin aka watsa wa abu ɗaya ba. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: idan za a iya tura saƙon ga wata makaranta ba tare da an canza komai ba sai suna, to bai keɓanta ba. "Muna ɗinki mai inganci a farashi mai rahusa" kowane tela yana faɗa, don haka ba ta gaya wa Hajiya komai. Sai dai wurin yana da santsi. Telan bai ce yunifom ɗin makarantar ba shi da kyau ba, bai kuma kushe wanda ya ɗinka ba, wanda mai yiwuwa ɗan'uwanta ne. Halin bajon bugawa ya faɗa, abin da ita ma ta sani, wataƙila ma iyaye sun taɓa yi mata ƙorafi a kai.

Abin da ya nema shi ma ƙarami ne. Bai ce a ba shi kwangilar yara ɗari uku ba, bai nemi a ba shi lokaci ya zo ofis ba. Izinin aiko da riga ɗaya ya nema, abin da za a amsa da "to, aiko". Asararsa idan ba a daidaita ba yadi ne daga Kantin Kwari da aikin yini. Farashi bai shigo ba tukuna, domin bai san adadi ko irin yadin da ake so ba, kuma duk kuɗin da ya ambata yanzu da shi za a riƙe shi gobe.

Matsi iri biyu ne. Akwai na 'yan talla: "ragin zai ƙare ranar Juma'a", "ina jiran amsarku yau", ko kiran waya minti biyar bayan tura saƙo. Akwai kuma na marairaicewa, wanda ya fi yawa a nan: "don girman Allah a taimaka mini, ina da iyali". Mai faɗin haka yana ganin tawali'u ya yi, alhali ya mayar da ciniki bara, ya sa wadda za ta ƙi ta ji kamar ta yi rowa. Mutum idan ya rasa hanyar ƙi cikin mutunci, shiru yake yi. Jimlar ƙarshe ta saƙon telan, "in kuna da mai yi muku, ba komai", ita ce ta ɗauke wannan nauyin, kuma sau da yawa ita ke jawo amsa irin "muna da shi, amma ka tuntuɓe mu zango mai zuwa". Saƙon murya na minti uku da hotuna ashirin masu cin data su ma matsi ne. Hoto ɗaya na bajon zare ya isa, shi ma gara a jira a nema.

Idan ba a amsa ba, ana iya tuni sau ɗaya bayan kamar mako guda, a layi biyu, ba tare da "na ga kun karanta ba ku amsa ba". Gara tunin ya zo da sabon abu, misali cewa rigar gwajin za ta iya fitowa cikin kwana biyu. Shiru na biyu amsa ne, sai a bari har wata shekara. Wanda ya ce kada a sake turo masa, a goge lambarsa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum 'yancin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tura masa talla.

Watsa saƙo ɗaya ga lambobi barkatai ma ba ya biya ko ta fuskar na'ura. Jerin watsawa na WhatsApp yana kai saƙo ne kawai ga waɗanda suka ajiye lambar mai turawa a wayarsu, kuma idan mutane da yawa suka toshe lamba ko suka kai ƙararta, kamfanin yana iya rufe ta. Tela da ya rubuta wa makarantu biyar da ya je ya gani da idonsa ya fi kusa da samun aiki a kan wanda ya tura wa ɗari bai san ko launin rigarsu ba.