Ranar da Inna Ta Fara Karɓar Taransifa: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Tsofaffin 'yan kasuwa da yawa a Birnin Kudu da Gwaram ba sha'awa ce ta kai su ga karɓar kuɗi ta waya ba, dole ce. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kafin Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta yi ƙamfa, mai saye yana da kuɗi a banki amma aljihunsa wayam. Ko da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, taransifa ta riga ta samu wurin zama a kasuwannin ƙauye.

Mu ɗauki wata tsohuwa mai daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a kasuwar Sara, a ƙaramar hukumar Gwaram. Jikanta ya buɗe mata asusu da lambar wayarta, ya rubuta lambar asusun a jikin kwali. Wani saurayi ya yi cefanen naira 3,500, ya laluba aljihu babu.

"Inna, kina karɓar taransifa?"

"To, ɗan nan, an dai ce ina da asusu. Ga kwalin can, duba."

Lambar asusu a Nijeriya alƙaluma 10 ce. A OPay, galibi lambar wayar mutum ce aka cire sifilin farko. Da saurayin ya shigar da ita ya zaɓi kamfanin, sunan mai asusun zai fito a wayarsa kafin ya sa lambar sirri. A nan ya kamata Inna ta ce ya karanto sunan da ƙarfi. Idan nata ne, ya tura. Idan wani suna ya fito, an yi kuskuren alƙalami, kuma kuɗin da ya faɗa asusun baƙo dawo da shi wahala ce ta kwanaki ko makonni.

Ya tura, ya juyo mata da waya, ga kalmar "Successful" a rubuce. Yawancin asara a wannan gaɓar ake yin ta. Abin da ke fuskar wayar mai saye shaidarsa ce shi, ba ta Inna ba. Ana iya nuna hoton tsohon rasit, ana iya gyara shi. Hatta saƙon alat da ya shigo wayarta akwai na bogi, domin macuta suna tura saƙo mai kama da na banki sak. Abu ɗaya ne ke tabbatar da biya: ta duba abin da ke cikin asusunta. In da safe tana da 2,000, yanzu ya zama 5,500.

Wannan ba ya buƙatar babbar waya ko data. Ƙaramar waya mai madannai ta isa. Mai asusun OPay zai danna:

```
*955#
```

sai ya bi zaɓin duba kuɗi. Kowane banki da tasa lambar. Tunda Inna ba ta karatun boko, amintacce ɗaya za ta samu ya karanta mata, amma lambar sirri ita za ta danna da hannunta. Karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri ko kaɗan. Duk mai sayen da ya nemi ta faɗa masa ita "don kuɗin ya shiga", ɓarawo ne.

To idan an cire wa saurayin kuɗi amma ba su iso ba fa? Yana faruwa, musamman ranar kasuwa da sabis ke cushewa, kuma ba lallai ƙarya yake ba. Ko dai kuɗin su iso a makare, ko su koma masa. Kada ya sake turawa nan take, sai ya biya sau biyu. A ganina, in ɗan gari ne da ta san gidansu, ya tafi da kayan. In baƙo ne daga wajen Bauchi ko Kano, a ajiye ƙullin a gefe, ya zaga kasuwa ya dawo.

Saura lissafin da jikoki kan manta su yi wa kakanninsu. Kuɗin da ke waya ba ya sayen kalwa a wurin manomin da ya ce sai tsaba, dole ta je wurin mai cirar kuɗi da na'ura, shi kuma da ladansa. A ce ribarta a wannan ciniki naira 400 ce, ya karɓi 100, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi ke nan. Shi ya sa ya fi ta bar cinikin yini ya taru ta cira sau ɗaya, ko ta biya dillalinta ta wayar idan yana karɓa. Ta kuma san cewa asusun matakin farko, wanda ake buɗewa da BVN ko NIN kawai, ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Mai daddawa ba za ta damu ba, amma maƙwabcinta mai buhunan riɗi sai ya ɗaga matakin asusunsa kafin kaka.