Kafin kwamfuta ta karanta jadawali, sai an miƙar da hotonsa

A ce malamin makaranta ya ɗauki hoton takardar sakamakon jarrabawa da wayarsa. Sunayen ɗalibai na gefen hagu, makin darussa a tsakiya, jimilla a can gefen dama. Yana son manhaja ta kwashe su zuwa Excel. Da aka gama, kowace lamba ta fito daidai, amma jimillar wani ɗalibi ta koma gaban sunan na ƙasa da shi. Hoton ne ya ɗan karkace.

Idon mutum yana bin layi ko da ya gangara. Manhajoji da yawa kuwa awo suke yi: duk rubutun da ke tsayi ɗaya daga saman hoto, sai su ce layinsu ɗaya. Hoto kuma ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksel. A ce faɗin jadawalin fiksel 2,000 ne, kuma ya karkace da digiri 2 kacal, abin da ido ba ya cika lura da shi. Kafin layi ya kai daga hagu zuwa dama, zai sauka da kusan fiksel 70. In tsayin kowane layi fiksel 40 ne, jimillar ta zame kusan layi biyu ke nan daga sunan mai ita.

Karkata iri biyu ce, kuma kowace da maganinta. Ta farko ita ce juyawa: wayar na fuskantar takarda sosai, sai dai ta ɗan jirkice. A nan kwana ɗaya ake nema. Manhaja takan gwada juya hoton kaɗan-kaɗan, misali rabin digiri kowane karo, tana ƙirga baƙaƙen ɗigogin da ke kowane jeri na kwance. Idan aka dace da kwanar gaskiya, jerin da ke da rubutu zai cika da baƙi, tsakanin layuka kuma ya zama fari fes. In ba a dace ba, sai su cakuɗe. Wata hanyar ita ce dabarar da Paul Hough ya yi wa rajista a 1962, wadda ke zaƙulo miƙaƙƙun layuka a hoto, ta auna gangarowarsu. Ta fi amfani idan jadawalin na da zanannun layuka.

Ta biyu ta fi wuya. Takarda na kan tebur, mai ɗauka na zaune, ya hango ta daga gefe. Ɓangaren da ke nesa zai tsuke, kamar yadda titi ke ƙanƙancewa in ka hange shi daga nesa. A ce ƙasan jadawalin ya auna fiksel 2,000, samansa kuma 1,700. Layukan tsaye na gefe biyu sun kwanto ciki, kowanne da kusan fiksel 150. In faɗin gidan maki fiksel 120 ne, makin Lissafi na ɗaliban sama zai faɗa gidan darasin da ke maƙwabtaka da shi. Juya hoton ba zai gyara wannan ba, domin in ka miƙar da gefen hagu, na dama zai ƙara kwanciya.

Maganin shi ne kusurwa huɗu. Ana nuna wa manhaja kusurwoyin jadawalin ko na takardar, a faɗa mata inda kowace ya kamata ta zauna, sai ta buɗa ɓangaren da ya tsuke. A OpenCV, `getPerspectiveTransform` ke yin lissafin, `warpPerspective` kuma ya fitar da sabon hoton. Dole ne a ba da tsawo da faɗi na gaskiya. Takardar A4 milimita 210 ce a faɗi, 297 a tsawo. In aka kauce wa wannan ma'auni, haruffa za su fito a dagargaje ko a jaye.

Dabarar kusurwa huɗu tana aiki ne kawai idan takardar a shimfiɗe take. Shafin rajista mai kauri da ya lanƙwasa kusa da ɗinki, ko takardar da aka ninke a aljihu, layukansu za su ci gaba da lanƙwasa. Haka kuma rubutun nesa da ya fito dishi-dishi, buɗa shi ba zai dawo da abin da kyamara ba ta kama ba. A irin wannan hali, a danne takardar, a tsaya a kanta, a sake ɗauka, kusurwa huɗun duk suna ciki.

Bayan gyara kuma a tantance. A ja miƙaƙƙen layi daga sunan farko zuwa jimillarsa, a yi haka ga na ƙarshe. A gwada faɗin sama da na ƙasa. Sannan a tara makin ɗalibai biyu ko uku da hannu, musamman na sama da na ƙasa, inda zamewa ta fi tsanani. In jimilla ba ta yi daidai da makin da ke layinta ba, a koma kan hoton kafin a ba kowane yaro sakamakonsa.