Sunan Masauki a Bakin Tasha

Motar da ta taso daga Abuja da azahar, in hanya ta yi cunkoso, sai bayan isha take shiga tashar Unguwa Uku a Kano. Fasinjan da ya sauko a wannan lokaci ya gaji, cajin wayarsa ya kusa ƙarewa, ga kuɗin sari a jikinsa. Ba zai yi yawon duba gine-gine ba. Zai tambayi ɗan kamasho ko mai shayi inda zai kwana lafiya, a faɗa masa suna, shi kuma ya maimaita wa mai A Daidaita Sahu. Ke nan sunan masauki yakan bi ta baki biyu ko uku, cikin hayaniya, kafin baƙo ya ga ƙofar. Duk wanda zai raɗa wa ƙaramin masauki suna, wannan tafiya ta baki zuwa baki ya kamata ya auna kafin kyan allo.

A ɗauki misali. Mutum ya gina ɗakuna 12 a wani lungu bayan tashar, akwai tsohuwar bishiyar tsamiya a ƙofar gidan, ya kuma rubuta sunaye huɗu yana shawara.

Na farko dogon suna ne na Turanci, kalmomi huɗu, har da fada da ƙasa-da-ƙasa a ciki. Direba ba zai riƙe shi ba, zai gutsure shi yadda ya ga dama. Illarsa mafi girma kuma ita ce alƙawarin da ya ɗauka. Ɗan kasuwa mai lissafin kuɗin mota zai ji sunan ya ce wannan ya fi ƙarfina, ya wuce. Mai kuɗin da sunan ya jawo zai tarar da fanka da bokiti, ya ji an yaudare shi, gobe ya ba da labari a cikin mota.

Na biyu Alheri ne. Kalma ce mai daɗi, amma ita da Albarka da Nasara da Rahama sun cika gari: shagon magani, gidan burodi, makaranta, duk suna ɗauke da su. In ka ce wa direba ya kai ka Alheri, amsarsa ita ce, "Wanne, ranka ya daɗe?" Sunan da ke jawo wannan tambaya bai gama aikinsa ba.

Na uku Masaukin Lemo, don gidan ba shi da nisa da kasuwar 'Yan Lemo da ke kan titin Zariya. A takarda ya yi kyau. Sai dai Kano tana da Rijiyar Lemo can kan titin Katsina, wato ɗaya ɓangaren gari. Baƙon da ya riƙe kalmar lemo kaɗai yana iya tsintar kansa a can da tsakar dare, ya biya kuɗin mota sau biyu. Irin wannan tarko mutumin gari ne kawai ke ganinsa, shi ya sa ake tambayar direbobi kafin a kira mai fenti.

Saura Masaukin Tsamiya. Gajere ne, kuma yana nuna abin da ido zai gani, don haka sunan da kwatancen sun zama abu ɗaya. Ba shi da ƙ, ɗ ko ɓ, haruffan da yawancin mutane ba sa bugawa a waya in suna neman wuri a taswira, kuma takardun banki sukan zubar da lanƙwasarsu. Fatken Ibo ko Bayarabe da zai ce "Samiya" ma direba zai gane shi. Rauninsa ɗaya ne: ana iya sare bishiyar. Amma unguwanni da yawa suna amsa sunan itacen da ya daɗe da faɗuwa, ba wanda ya ɓata.

Wani zai ce me ya hana mai gida sa sunansa? Akwai hujja. A zamanin fatake, baƙo wurin fatoma yake sauka, mutum sananne da ke ajiye masa kaya ya kuma tsaya masa a ciniki, kuma sunan mutumin shi ne jinginar. Har yau sunan dattijon da tasha ta sani yana kwantar da hankali. Amma a yi lissafi. Masauki wuri ne da ba ka zaɓen duk wanda zai shigo, kuma a Kano 'yan Hisba da 'yan sanda sukan leƙa irin waɗannan wurare. Ranar da wani abu ya faru a ɗaki na bakwai, sunan gidanku ne zai fita a rediyo. In kuma an tashi sayar da wurin, mai saye zai gaji sunan wani. Ni dai na fi son sunan mai gida ya tsaya a bakin mutane, kada ya hau allo. Haka sunayen wurare masu tsarki: nauyinsu ya fi ƙarfin gidan haya na kwana ɗaya, kuma wani baƙon zai zaci ba a maraba da shi.

Sunan tasha kuwa a sa shi a layi na biyu da ƙananan haruffa, "bayan tashar Unguwa Uku". Gwamnati takan tayar da tasha ta mayar wani wuri, kuma goge layi ɗaya ya fi sauya suna sauƙi.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Ka faɗa wa direbobi biyar sunan sau ɗaya, washegari ka tambaye su. Ka kira wani a waya daga tsakiyar tasha ka ce ya rubuta abin da ya ji. In rubutun ya dawo iri uku, a sake lale.

Sai rajista, kuma a yi ta kafin allo. Hukumar CAC takan ƙi sunan da ya yi kama da wanda wani ya riga ya yi wa rajista, kuma a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 kalmomi irin su Federal, National, State da Government suna buƙatar izininta na musamman. Amfanin takardar a wurin baƙo a fili yake. Da ita ake buɗe asusun banki da sunan masaukin. Mutumin da aka ce ya tura kuɗin ɗaki, ya buga lamba ya ga sunan wani mutum dabam ya fito, dole ya yi turus, don ya san labarin damfara. Ma'aikacin da ofis ya aiko kuma yana buƙatar rasit mai suna da hatimi kafin a biya shi. Saboda haka harafin da ke kan allo shi za a gani a rasit, a na'urar POS, a asusu da kuma Google Maps, ba Tsamiya a nan, Samiya a can ba.

Allon kansa na dare ne. Masu rubuta allo suna da ƙiyasi: kusan santimita 2.5 na tsayin harafi ga kowace mita 3 ta nisa. In bakin lungun yana da mita 30 daga inda motoci ke tsayawa, haruffan su kai santimita 25, farare a kan launi mai duhu, da fitila mai sola a sama saboda ɗaukewar wuta.

Bayan wata biyu ko uku, mai gida ya riƙa tambayar baƙi abin da suka ce wa direba. In "Tsamiya" suke cewa, sunan ya zauna. In kuwa ya ji ana cewa "koren gidan nan na bayan masallaci", to tasha ta raɗa nata, kuma sau da yawa ya fi arha a ƙara shi a ƙasan allo da a tsaya jayayya da 'yan kamasho.