Fayyace Rana da Sa'a ga Abokan Aiki na Nesa

Jama'a, a sani cewa agogon Nijeriya yana gaban na Ghana da sa'a 1, na Saudiyya kuwa yana gaban namu da sa'o'i 2. Saboda haka, idan ma'aikaci a Abuja ya aika wa abokin aikinsa na Jidda cewa a kawo rahoto "kafin 12 na daren Alhamis", ya bar ƙofar ruɗani a buɗe. Lokacin da 12 ta buga a Jidda, ƙarfe 10 ne a Abuja. Ga shi kuma a al'adarmu, daren Alhamis yana shiga ne tun faɗuwar ranar Laraba.

Maganin wannan shi ne a rubuta rana, da kwanan wata, da sa'a, da sunan gari. Misali: "Alhamis, 5 ga Yuni, ƙarfe 3 na yamma agogon Abuja, wato ƙarfe 5 agogon Jidda." A rubuta sunan wata da haruffa, domin Ba'amurke zai ɗauki 5/6 a matsayin 6 ga Mayu.

A ƙarshe, a nemi wanda aka aika wa ya maimaita wa'adin da agogon garinsu.