Farautar Aikin da Ba Kowa Ke Nema Ba a LinkedIn

Mai neman aiki da ya rubuta kalma ɗaya a akwatin bincike na LinkedIn, tallace-tallace barkatai zai samu, nasa kuwa ya nutse a ciki. Maganin wannan shi ne kalmomi uku, AND da OR da NOT, waɗanda tushensu lissafin George Boole ne, masanin Ingila na ƙarni na 19.

A ce ke ma'aikaciyar jinya ce mai kula da masu wankin ƙoda. Sai ki rubuta:

```
nurse AND (dialysis OR renal) NOT intern
```

AND na tilasta abu biyu su zo tare. OR, wadda ni na fi ba muhimmanci, tana kamo sunaye dabam-dabam da asibitoci ke kiran aiki guda da su, baka kuma tana tattara su wuri ɗaya. NOT na kore guraben masu koyon aiki, sai dai a yi hattara da ita, domin takan jefar da talla mai kyau don kawai an ambaci kalmar a ciki.

Dole kalmomin uku su kasance da manyan baƙaƙe, in ba haka ba shafin zai ɗauke su kalmomi na yau da kullum. Idan sakamako ya fito fayau, ki cire sharaɗi ɗaya, ki sake gwadawa.